Me Ya Sa Ganyen Ƙasa Ke Rawaya, Na Sama Yana Kore Shar?

Duk wanda ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai a bana ya san fulawa ta samu shiga. Wannan ya dasa a robar fenti, wannan a gwangwanin madara, wata kuma ta kashe kuɗinta ta sayo tukunyar ƙasa ta ajiye a bakin taga. Wata biyu ko uku na farko komai lafiya lau. Daga nan sai ganye ɗaya na can ƙasa ya fara koɗewa, ya koma ruwan ɗorawa, ya faɗi. Bayan mako guda na kusa da shi ya bi sahu. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, a daidai wannan lokacin kan tsiron yana ta fitar da sabon ganye kore shar, kamar babu abin da ke damunsa.

Tambayar da 'yan'uwa ɗalibai suka fi yi mini ke nan tun da aka san ina da hannu a harkar shuka: in ciwo ne, me ya sa bai kama tsiron duka ba? In kuma lafiya ce, me ya sa ganye ke zuba? Amsar a taƙaice ita ce, tsiron da kansa ne yake kwashe abincin da ke cikin tsohon ganye yana kai wa sabo. Amma abin da ke sa shi yin haka ba ɗaya ba ne, kuma maganin wani dalilin shi ne gubar wani. Akwai fulawar da taki take so, akwai wadda in ka zuba mata taki a wannan halin ka gama da ita. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ya kamata ka san abin da ke faruwa a cikin ganyen.

Rawayar dama tana nan

Koren ganye yana zuwa ne daga wani sinadari da ake kira kulorofil, wanda da shi ganye ke kama hasken rana ya haɗa abinci. Waɗanda suka yi firaktikal na bayoloji za su tuna lokacin da ake tafasa ganye a cikin sinadari har koren ya fita. A tsakiyar kowane ƙwayar kulorofil akwai maganiziyam guda ɗaya, kuma nitrojin guda huɗu ne suka kewaye shi suka riƙe shi. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Richard Willstätter, shi ya nuna cewa akwai maganiziyam a cikin kulorofil, kuma aikinsa a kan launin tsirrai ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1915. Ban da kulorofil, ganye cike yake da furotin masu aikin haɗa abinci, su ma da nitrojin ake gina su. Wato kowane koren ganye ɗan ƙaramin rumbun nitrojin ne.

A cikin ganyen nan kuma akwai wasu launuka masu ruwan ɗorawa, dangin wanda ke cikin karas da manja. Suna nan tun ranar da ganyen ya fito, sai dai kore ya rufe su. Idan tsiro ya farfasa kulorofil da furotin ɗin ganye ya kwashe nitrojin, sai kore ya tafi, rawayar da ke ƙarƙashi ta bayyana. Don haka ba wani abu ne ya shiga ganyen ya rina shi ba, wani abu ne ya fita.

To ina nitrojin ɗin ya tafi? Tsiro yana da hanyoyi iri biyu a jikinsa. Ta farko tana ɗaukar ruwa da abinci daga saiwa zuwa sama, kuma gaba kawai take yi, ba ta dawowa. Ta biyu ita ke rarraba sukarin da ganye ya haɗa, tana kai shi duk inda ake buƙata: sabon toho, fure, 'ya'ya ko bakin saiwa. Nitrojin yana iya shiga wannan hanya ta biyu. Idan abin da saiwa ke kawowa bai isa ba, tsiro ba ya tsayar da sabon toho, domin can ne ransa yake. Sai ya juya ga ganyen da ya fi tsufa, wanda dama yana inuwa kuma aikinsa ya ragu, ya kwashe abin da ke cikinsa ya tura sama. Idan ya gama da shi sai ya koma na biye. Shi ya sa rawayar take hawa daki-daki daga ƙasa, kamar mai hawa tsani.

Ba duka sinadarai ne ke iya wannan tafiyar ba. Nitrojin da fosfaras da fotasiyam da maganiziyam suna tashi daga tsohon ganye su koma sabo. Amma sinadarin ƙarfe da kalsiyam, da zarar sun zauna a ganye, sun zauna ke nan. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci, tsohon ganye yana riƙe da nasa, sabon ne zai fito fari-fari ko rawaya, jijiyoyinsa kawai suke kore. Wannan shi ne mabuɗin karanta tsiro: wurin da rawaya ta fara yana gaya maka irin abin da ya rasa. Ƙasa ta fara, abin da ya rasa mai tafiya ne. Sama ta fara, abin da ya rasa ba ya tafiya.

Mun saba ganinsa a gona

'Yan Jega da Aliero da Maiyama ba baƙin wannan abu ba ne, sai dai a gona muka san shi, ba a ɗaki ba. Ɗan Maiyama da ya taso cikin noman masara ya san gonar da taki bai isa ba: ganyen ƙasa ne ke fara rawaya daga tsininsa, ta bi tsakiyar ganyen tana shigowa ciki, alhali saman karan yana kore. Manomi yana gani zai ce masara na son yuriya, kuma ya faɗi daidai, domin kashi 46 cikin 100 na yuriya nitrojin ne. Idan kuwa gefen ganyen ne ya ƙone kamar an bi shi da wuta, tsakiya tana kore, to wannan fotasiyam ne, yuriya ba za ta yi masa komai ba.

Albasar Aliero kuma tana koya mana ɗaya gefen. Idan albasa ta kusa nuna, ganyenta na waje, waɗanda suka fi tsufa, su ke fara rawaya, daga baya wuyanta ya yi laushi ta kwanta. Babu manomin albasa da zai ga haka ya ruga sayen taki. Ya san ganyen yana juye abin da ya tara ne a cikin kan albasar, kuma wanda ya ƙara yuriya a ƙurarren lokaci sai ya samu albasa mai kaurin wuya wadda ba ta jure ajiya. Ka ga ke nan rawaya iri ɗaya ce a ido, amma ta masarar yunwa ce, ta albasar kuwa cikar aiki ce.

Sai shinkafar fadamar Jega. Wani zai ce, ai shinkafa a cikin ruwa take wata da watanni ba ta damu ba, me zai sa ruwa ya cuci fulawata? Shinkafa tana da ƙananan kafofin iska a cikin karanta da saiwarta, waɗanda ke saukar da iska daga ganye zuwa ƙasa. Yawancin fulawar da muke ajiyewa a ɗaki ba su da wannan gatan idan suna cikin ƙasar tukunya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dalilai uku masu kama ɗaya

Na farko shi ne yunwa ta gaskiya, wato nitrojin ya ƙare a cikin tukunya. Tsiron gona yana iya miƙa saiwa ya nemo abinci a gaba, na tukunya kuwa abin da ke cikin robar nan shi ke nan duniyarsa. Yawancinmu kuma ƙasar bayan ɗaki muke ɗibowa, wadda rairayi ya fi yawa a cikinta. Nau'in nitrojin da tsiro ya fi sha yana narkewa a ruwa kuma ba ya manne wa ƙasa, saboda haka duk ban ruwan da ka yi har ya ɗiga ta ƙasa, ya tafi da wani kaso. Bayan wasu watanni sai tukunya ta zama fanko. Alamar wannan ita ce rawayar tana tafiya a hankali, ganyen yana koɗewa bai ɗaya har da jijiyoyinsa, tsiron duka ya ɗan yi haske, kuma sabon ganye yana fitowa ƙarami bai kai na da ba. Ƙasar tana bushewa yadda ya kamata, saiwa kuma lafiyarta ƙalau.

Na biyu shi ne ruwa ya yi yawa, kuma a ɗakunanmu shi na fi cin karo da shi. Saiwa tana numfashi. Tana buƙatar iskar oksijin da ke cikin ƙananan ramukan ƙasa kafin ta samu ƙarfin jan abinci. Idan ruwa ya cika ramukan ya zauna, iska ba ta iya kaiwa gare ta, domin oksijin yana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, wajen sau 10,000 ƙasa da yadda yake ratsa iska. Sai ƙananan saiwoyi su shaƙe su mutu, ruɓa ta biyo baya. A nan ko da akwai nitrojin a cikin ƙasar, babu bakin da zai ci. Tsiron da ke sama bai san dalili ba, abin da ya sani kawai kaya sun daina zuwa, sai ya koma kwasar na tsohon ganye kamar yadda zai yi a lokacin yunwa. Bambancin shi ne wannan yana sauri: ganye biyu ko uku su yi rawaya a tare, su yi laushi kamar an dafa, tsiron ya yi yaushi alhali ƙasar jiƙe take sharkaf. Wani lokaci ka ji tsami ko warin kwata, ka ga ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna tashi daga bakin tukunya. Mai fulawa yana ganin yaushi sai ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Nan ake rasa ta.

Na uku shi ne ƙarancin haske haɗe da tsufa. Kowane ganye yana cin wani abu daga sukarin tsiro don ya rayu. Muddin abin da yake haɗawa ya fi abin da yake ci, tsiro zai riƙe shi. Ganyen ƙasa da ke cikin inuwar na sama, a ɗakin da labule ke sake daga safe har a dawo daga lakca, yana kaiwa matsayin da cinsa ya fi kawowarsa. Sai tsiro ya kwashe kayansa ya sallame shi. Idan ganye ɗaya ne a wata, kuma ana samun sababbi biyu ko uku masu girma daidai, wannan ba matsala ba ce, irin ta albasa ce. Amma idan kara yana tsawo siriri, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye tana ƙaruwa, tsiron ya karkata yana leƙen taga, to haske yake nema. Ƙwan lantarki ɗaya da ke saman ɗaki ya ishe ka karatu, amma ga tsiro kusan duhu ne. Irin wannan kan faru ma da fulawar da aka sayo daga wurin masu reno, inda ta saba da fili, aka shigo da ita ɗaki: za ta zubar da 'yan ganyen ƙasa a makonnin farko, sannan ta daidaita.

Ƙishi na gaske ma yana zubar da ganyen ƙasa, musamman a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, amma shi ba ya ɓuya: ƙasar ta bushe ƙamas ta janye daga jikin roba, ganyen kuma ya bushe ƙaraurau.

Robobi biyu a ɗaki ɗaya

Bari in kawo misalin da na duba da hannuna. Wasu abokaina biyu da ke ɗaki ɗaya, ɗaya ɗan Maiyama ɗaya ɗan Jega, kowa yana da fulawar nan mai yaɗo mai ganye kamar zanen zuciya, wadda masu sayarwa ke kira fotos. Daga reshe ɗaya suka yanko, kowa ya dasa a robar fenti mai lita huɗu. Bayan kamar wata takwas duka biyun suka fara rawaya daga ƙasa. Ɗan Jega ya ce mini, “Abokina, duba mana abin nan, ciwo guda ne ya kama su. In taki ne a faɗa mini, gobe in samo yuriya.”

Na ce a dakata da yuriya tukuna. Abu na farko da na yi shi ne tambayar yaushe aka ba su ruwa, suka ce kwana uku ke nan, duka biyun. Na cusa yatsa a ta ɗan Maiyama har gaɓa biyu, na ji ƙasar da ɗan sanyi amma ba ta manne mini ba. Na cusa a ta ɗan Jega, yatsa ya fito da caɓi. Na ɗaga robobin, ta ɗan Jega ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Na leƙa gindinsu: ta ɗan Maiyama an huda ta da ƙusa wuri biyar, ɗayar kuwa babu huda ko ɗaya, saboda mai ita ba ya son ruwa ya ɓata masa leda.

Sai muka duba ganyen. A ta ɗan Maiyama, ganye ɗaya ne ke tafiya duk bayan kwana goma ko makamancin haka, ya koɗe sumul, kuma yana da ɗan ƙarfinsa har ya faɗi. Sababbin ganyenta ba su kai rabin tafin hannu ba, alhali na farkon sun kusa cika tafi. A ta ɗan Jega, ganye huɗu ne suka yi rawaya cikin mako ɗaya, sun yi laushi, biyu da ɗigon ruwan kasa a jiki.

Abu na ƙarshe shi ne saiwa, kuma ita ce alƙali. Ka tallafi saman ƙasar da tafin hannu, karan yana tsakanin yatsunka, ka kifa robar ka ɗan bubbuga gindinta, dunƙulen zai zamo. Ta ɗan Maiyama ta fito da saiwa fara mai ƙarfi, ta kewaye robar, tana ƙamshin ƙasa. Ta ɗan Jega rabin saiwarta ta koma baƙi-baƙi, kana ja ɓawon yana saluɓewa ya bar zare, ga wari. Ganye ya nuna abu ɗaya, saiwa ta nuna abu biyu. Ta farko yunwa ce, ta biyu shaƙewa ce.

Ga abin da muka yi wa ta yunwa. Muka samo takin kamfa, wanda aka rubuta NPK 15-15-15 a buhunsa, ma'ana kashi 15 cikin 100 nitrojin ne. Muka auna rabin ƙaramin cokalin shayi a shafe, kusan giram 3, muka zuba a jarka mai lita huɗu, muka bar shi ya kwana ya narke. Ɗan gari zai rage a ƙasan jarkar, ba komai. In ka yi lissafi, kashi 15 na giram 3 ya kama giram 0.45, ka raba shi gida huɗu, kowace lita ta samu wajen miligiram 110 na nitrojin. Wannan sassauƙan ma'auni ne da ya dace da tsiron ɗaki, wanda girmansa a hankali yake. Muka fara jiƙa ƙasar da ruwa zalla, domin ruwan taki a kan busasshiyar saiwa yana ƙona ta, sannan muka zuba kamar rabin ledar fiyawata na ruwan takin. Haka duk bayan mako biyu, a tsakani kuma ruwa zalla idan yatsa ya nuna ƙasa ta sha iska.

Da yuriya ce kawai a hannu, sai an rage sosai, tunda ta ninka kamfa sau uku a ƙarfin nitrojin: wannan rabin cokalin sai bokiti mai lita 10. Abin da ba a yi shi ne barbaɗa ƙwayoyin taki a gindin tsiro kamar yadda ake yi a gona. Gona tana da faɗi da ruwan sama da za su tsarma shi, roba ba ta da su. Taki gishiri ne, idan ya yi yawa yana janye ruwa daga saiwa, sai ka wayi gari bakin ganye ya ƙone.

Sannan muka ɗaura zare a kan kara, daidai ƙarƙashin ganyen ƙarshe da yake kore sosai. Wannan zaren shi ne ma'aunin ko magani ya ci. Kada ka sa ido a kan ganyen da ya riga ya yi rawaya gaba ɗaya, ba zai dawo ba, an riga an kwashe kayansa. Abin dubawa shi ne ko rawaya ta tsallake zare. Ganye biyu da ke ƙasan zaren suka ƙarasa faɗuwa, amma bayan wata guda babu wanda ya koɗe a samansa, kuma sabon ganyen da ya fito ya fi na bayansa faɗi.

Ta ɗan Jega kuwa ba ta ga ƙwayar taki ko ɗaya ba. Muka kakkaɓe caɓin, muka yanke duk ruɓaɓɓiyar saiwa da sabuwar reza har inda fari ya fara, muka huda gindin robar wuri shida da ƙusa mai zafi. Muka haɗa sabuwar ƙasa: kashi biyu ƙasar lambu, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya tsohon takin awaki da ya ruɓe har ya daina wari. Da yake rabin saiwa ta tafi, muka rage tsawon yaɗon don ragowar ta iya ɗaukar nauyinsa, muka sa yankakken reshen a kwalbar ruwa ya yi saiwa, ko da uwar za ta ƙi tashi. Muka sa faranti a ƙarƙashi saboda leda, da sharaɗin a zubar da ruwan da ya taru bayan ɗan lokaci. Ta yi wajen mako uku tsaye cik, sannan ta fitar da toho. Sai a lokacin aka fara ba ta ruwan kamfa. Da an zuba mata yuriya a ranar farko, gishirin zai ƙarasa 'yar saiwar da ta rage.

Inda wannan bayani ya tsaya

Ba kowace rawaya ce ke bin wannan tsari ba, kuma gara ka san iyakarsa. Idan tsohon ganye ya yi rawaya a tsakanin jijiyoyi amma jijiyoyin suna kore, kamar ƙashin kifi, maganiziyam ake zargi, ba nitrojin ba. Idan sabon ganye ne ya fito da wannan zanen, ƙarfe ne, kuma galibi ba wai babu shi a ƙasar ba ne, ƙasar ce ta yi kanwa-kanwa har tsiro ya kasa ɗaukarsa. Ruwan rijiya ko na burtsatse wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa yana kawo haka a hankali, haka ma zuba toka. Mutane na ɗaukar toka a matsayin taki, amma babu nitrojin a cikinta, ya tafi da hayaƙi tun lokacin ƙuna. Idan ka ga farin ɓawo a saman ƙasa ko a bakin tukunya, ka fitar da ita waje ka kwarara mata ruwa kamar ninki biyu ko uku na girman tukunyar ya wuce ta ƙasa. Da damina kuma ka tari ruwan sama, ya fi kowane ruwa dacewa da fulawa.

Garin katako da ɗanyen ɓuntun shinkafa su ma suna yaudara. Idan ka cakuɗa su da yawa a ƙasar tukunya, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su suna cinye nitrojin ɗin da ke wurin kafin tsiro ya samu, sai ka ga rawaya a sabuwar ƙasa. Ɗanyen kashin kaji kuma yana ƙona saiwa, sai ya ruɓe tukuna.

Da hunturu, ka riƙa juya ganye kana duba bayansa. Busasshiyar iska da ƙura suna kawo wasu ƙananan ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo, waɗanda ke tsotse ganye su bar shi da ɗige-ɗigen rawaya kamar an barbaɗa gero. Wannan ba yunwa ba ce, wanke ganyen da ruwa sama da ƙasa shi ne matakin farko. Kuma ka tuna fotos da yawa dama da rodi-rodin rawaya ake haihuwarsu, wannan adonsu ne.

Ban ruwa ma ba shi da jadawali kamar lakca. Robar da ke bushewa cikin kwana biyu a watan Afrilu tana iya kai mako a watan Agusta, lokacin da sama ke lulluɓe kuma iska cike take da laima. Wanda ya saba ba da ruwa kullum da zafi, ya ci gaba da haka har damina, shi ne zai fara ganin rawaya a ƙasa. Alobera kuwa, da take ajiye ruwa a ganyenta, tana son ƙasa ta bushe gaba ɗaya kafin a ƙara. Yatsanka ya fi kalanda sanin lokacin.

Shi ganyen da ya fara rawaya fa, a cire ko a bari? Idan na yunwa ne ko na tsufa, ka bar shi har ya gama rawaya ya saki da kansa ko da ɗan taɓi, domin muddin da sauran kore a jikinsa tsiro bai gama kwashe kayansa ba. Idan kuwa ya yi laushi yana ruɓewa, ka cire shi yanzu kada ruɓar ta bi kara.

Hutun ƙarshen zango ya kusa, kuma a nan ne fulawa da yawa ke mutuwa, ba don an manta da su ba, sai don an bar su a hannun mai kirki da zai riƙa ba su ruwa safe da yamma. In za ka bar taka a hannun wani, kada ka ce masa ya riƙa ba ta ruwa. Ka nuna masa yadda zai cusa yatsa gaɓa biyu, ka ce in ya ji danshi ya ƙyale ta. Ka matsar da ita kusa da taga inda haske ke shiga amma ranar tsaka ba ta dukanta, ka ɗaura zare a ƙarƙashin ganyen ƙarshe mai kore. Ranar da ka dawo, zaren zai gaya maka yadda aka yi.